Yadda Ake Rubuta Tallar Somin-Taɓi ta Sabuwar Manhajar Lissafin Kuɗi: Tambaya a Gaba, Suna a Ƙarshe

Idan kun gama haɗa manhajar da za ta taimaki mutum ya san inda kuɗinsa ke tafiya, abu na farko da zuciya za ta raya maka shi ne ka buɗe talla da tambarin manhajar, ka bi shi da jerin abubuwan da take iya yi. Mutumin da ke zaune a bencin mai shayi a Samaru yana duba Status ɗin abokansa ba zai ba ka wannan damar ba. Bai san sunan ba, bai nemi a nuna masa ba, kuma yatsansa yana kan fuskar waya. Dalilin tallar somin-taɓi ke nan: a fara sa masa tambayar da ta shafi aljihunsa, a bar shi da ita na ɗan lokaci, sannan a nuna masa abin da zai amsa ta.

A nan zan bi bidiyo ɗaya tak, mai tsawon sakan 45, daga farar takarda har ranar saki. Kafin mu fara, riƙe wannan: sunan manhajar kaɗai ake ɓoyewa. Batun da ake magana a kai, wato kuɗin da ke zurarewa ba a sani ba, dole ya fito fili tun sakan na farko. Yawancin tallace-tallacen da na ga sun faɗi ƙasa, ɓoye duka biyun suka yi, sai mai kallo ya rasa ma abin da zai yi mamaki a kansa.

Mataki na farko: fara da jimlar ƙarshe

Kada ka rubuta buɗewa tukuna. Zauna da wanda ya gina manhajar, ka tambaye shi abu ɗaya da mutum zai sani bayan ya yi wata guda yana amfani da ita wanda bai sani ba a da. Zai so ya lissafo maka guda bakwai: tana raba kuɗi gida-gida, tana tunatar da ranar zubin adashi, tana aiki ba data, tana magana da Hausa. Ka saurare shi, amma ɗaya za ka ɗauka. A misalinmu mun ɗauki wannan: tana nuna maka ƙananan kashe-kashen da ba ka riƙe su a ka. Jimlar ƙarshe ta zama “San inda kuɗinka ke tafiya.”

Amfanin farawa daga nan shi ne, tambayar da za ka buɗe da ita dole ta zama wadda wannan jimla ce amsarta, ba wata ba. Kamar kacici-kacici ne. Idan aka faɗi amsa, ana so mai sauraro ya ce “ashe!” domin ya ga duk alamun da aka ba shi sun dace. In amsar ba ta hau kan alamun ba, gani zai yi an raina masa hankali. Idan ka buɗe da “Kana so ka yi arziki?” sannan ka ƙare da manhajar rubuta cefane, ka yi alkawarin da kayanka ba za su cika ba.

A wannan zaman kuma ka tabbatar da yadda manhajar ke samun lissafin. Mutum ne zai riƙa shigarwa da hannunsa, ko tana karanta saƙon alat na banki? Bambancin zai taɓa kalmomin rubutunka kai tsaye. Wadda ake shigar wa da hannu ba za ta iya gano kuɗin watan jiya ba, saboda haka ba ka da ikon cewa “za ta nemo maka kuɗinka da suka ɓace.” Tamu irin ta hannu ce, za ka ga yadda muka bi da hakan a rubutun.

Mataki na biyu: nemo giɓin, ka sa masa lamba

A nan aikin yake, don haka zan ɗan daɗe. A 1994 masanin tattalin arziki George Loewenstein ya bayyana cewa son sani yana tasowa ne idan mutum ya lura da giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake so ya sani. Abin da wannan ke nufi ga marubucin talla shi ne, wanda bai san komai a kan abu ba ba ya ƙaguwa. Wanda ya san kusan duka, saura kaɗan, shi ne ke kasa haƙuri. Shi ya sa baƙar fuska da rubutun “Wani abu na nan tafe Zariya” ba ta motsa kowa. Ba a ba mutum komai ba, balle ya ji saura.

To sai ka ba shi lissafin da ya kusa cika. Ɗauki mutum ɗaya, a ce malamin makaranta ne a Tudun Wada mai albashin naira 90,000. Waɗannan lambobi na misali ne, kai za ka sa waɗanda suka dace da mutanen da kake nufi da farashin kasuwa a makon da kake rubutu. Abin da Malam ya iya tunawa: cefane 38,000, kuɗin makarantar yara 15,000, zubin adashi 10,000, abin da yake warewa na haya 9,000. An tashi 72,000. Ya kamata 18,000 su rage, amma 2,000 ce a aljihunsa, wata kuma bai ƙare ba. Ina 16,000?

Girman giɓin yana da muhimmanci. In ka ce 2,000 ce ta ɓace, mai kallo zai ce ai wannan ba abin tayar da hankali ba ne. In ka ce 60,000, zai ce ko dai an yi wa Malam sata ko kuma yana da wata ɓoyayyiyar hanya da yake zuba kuɗi, sai tallar ta koma gulma. A ganina abin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shiga ba shi ya fi zama daidai: ya isa ya yi ciwo, kuma kowa zai yarda irinsa na iya faruwa da shi.

Sannan ka rubuta amsar tun yanzu, ka tabbatar ta cika cif. Data 5,500, Keke 4,800, shayi da tsire 3,200, cajin mai POS 1,300, ƙananan saye-saye na yara 1,200. Haɗa ka gani, 16,000 ne. Kada ka yi sakaci da wannan. Zariya garin ɗalibai da malamai ne, daga Jami'ar Ahmadu Bello zuwa kwalejin Nuhu Bamalli, kuma akwai wanda zai tsayar da bidiyon ya haɗa lambobin. Manhajar lissafi da ta yi kuskuren lissafi a tallarta ta farko ta gama zubar da mutuncinta.

Lura da abin da ban sa a jerin ba: sadaka, abin da ake aika wa iyaye, gudummawar biki ko ta suna. Mutane suna kashe kuɗi a nan sosai, amma ranar da talla ta nuna su a matsayin ɓarna, ranar ta rasa masu kallonta. Haka nan kada rubutun ya nuna kamar uwargida ce ta cinye kuɗin, ko a mai da maigida sakarai. Malam mutum ne mai ƙoƙari wanda lissafi ya kuɓuce masa, kamar yadda yake kuɓuce wa kowa.

Mataki na uku: auna lokaci kafin ka zuba kalmomi

Ɗauki agogon wayarka ka karanta kowace irin Hausa da murya, yadda mai gabatar da shiri ke yi a rediyo. Za ka ga kusan kalma biyu kake furtawa a sakan ɗaya in ba gaggawa kake ba. Ke nan sakan 45 ba za su ɗauki fiye da kalma 90 ba, kuma kana bukatar wurin shiru, don haka ka tsaya wajen 80. WhatsApp ya ƙara tsawon bidiyon Status daga sakan 30 zuwa minti ɗaya a 2024, saboda haka 45 zai shiga ba tare da an datse shi biyu ba. Wannan yana da muhimmanci ga irin wannan talla fiye da kowace, domin in aka datse, sunan manhajar yana cikin yanki na biyu wanda mutane da yawa ba za su buɗe ba. A ɗauki hoton a tsaye, 9:16.

Rabon lokacin kuwa: sakan biyar na farko na tambaya ne, sakan shida na ƙarshe na suna, na tsakiya kuma na tsananta tambayar.

Mataki na huɗu: rubutun kansa

Sakan 0 zuwa 5. Hoto: takardar da aka yago daga littafin makaranta, hannu riƙe da biro yana zagaye 16,000. Muryar mai ba da labari: “Dubu goma sha shida sun ɓace, kuma ba wanda ya sace su.”

Sakan 5 zuwa 15. Hoto: Malam a kan tabarma bayan sallar isha'i, yana bin takardar da biro, kowace lamba tana fitowa a rubuce a fuskar waya. Malam, a hankali: “Albashi dubu casa'in. Cefane talatin da takwas, makaranta sha biyar, adashi goma, haya tara. Ga dubu biyu a aljihu.”

Sakan 15 zuwa 24. Uwargida ta ajiye masa kofin ruwa. “Malam, ko ka ba wani rance ne?” Ya girgiza kai: “Ban ba kowa ba.” Ta dubi takardar: “To ina suka shiga?” Shiru na sakan biyu cur.

Sakan 24 zuwa 33. Hotuna huɗu a jere, kowanne kusan sakan biyu, hannu kawai ake gani: yana miƙa wa mai Keke kuɗi a Kwangila, yana karɓar shayi, yana tsaye gaban mai POS a kasuwar Sabon Gari, yana danna waya yana sayen data. Mai ba da labari: “Ba su tafi a dunƙule ba. Ɗari biyu nan, ɗari biyar can.”

Sakan 33 zuwa 39. Hoto: fuskar manhajar, ba suna ba tambari, layuka biyar suna fitowa ɗaya bayan ɗaya har jimla ta tsaya a 16,000. Mai ba da labari: “Da akwai mai rubuta masa, ga abin da zai gani.”

Sakan 39 zuwa 45. Tambari da suna su cika fuskar. Mai ba da labari ya faɗi sunan manhajar, sannan: “San inda kuɗinka ke tafiya. Ranar Litinin, a Play Store.”

Yanzu dubi dalilin wasu zaɓuɓɓuka. Rabin jimlar farko, “kuma ba wanda ya sace su,” shi ke riƙe mutum. Ɓatan kuɗi labari ne na kullum, kuma amsar da kowa zai fara kawowa ita ce sata. Da ka toshe wannan ƙofa tun farko, ka bar shi ba amsa. Tambayar uwargida ta toshe ƙofa ta biyu, wato rance. Duk amsar da mai kallo zai iya cafkowa cikin sauƙi, rubutun ya riga shi kawar da ita, har ya rage babu sai wadda kake riƙe da ita.

Shirun sakan biyun nan mai tace bidiyo zai so ya yanke shi, domin a idonsa lokaci ne ake ɓatawa. Kada ka yarda. A cikinsa ne mai kallo ke barin lissafin Malam ya koma nasa. Kada a sa kiɗa a ƙarƙashinsa, ƙarar fanka ko kukan gyare ya isa.

Jimlar sakan 33 an gina ta da “da” ne saboda gaskiyar da muka tabbatar a mataki na farko. Ba mu ce manhajar ta dawo wa Malam da kuɗinsa ba, ba mu ce ta gano na baya ba. Cewa muka yi da ana rubutawa da an gani. Ka kuma lura bayyanawar hawa biyu ce: an fara nuna aikin manhajar, sannan sunanta. In suna ya riga aiki fitowa, mutum zai ce “au, ashe talla ce” ya wuce kafin ya ga amsar.

Kalmar “kasafin kuɗi” ba ta fito ko sau ɗaya ba, kuma da gangan ne. A kunnen yawancin mutane wannan maganar gwamna ce a gaban majalisa. A gida cewa ake “albashi ba ya kai wata,” “kuɗin ba sa auki,” “lissafi ya ƙi fita.” Da irin waɗannan za ka yi rubutu. In za a yi wani bidiyon domin mata masu sana'a a cikin gida, a sake ɗaukar muryar ƙarshe da “kuɗinki,” a kuma sauya lissafin ya zama na uwar kuɗi da riba. Kowace magana kuma a rubuta ta a ƙasan hoton da manyan haruffa, da ƙ da ɗ da ɓ yadda suke, saboda mai kallo a cikin aji ko a motar haya ba zai buɗe murya ba.

Mataki na biyar: cire duk abin da ke warin damfara

Wannan matsala ce ta musamman ga tallar kuɗi da ke ɓoye suna. Mutanen ƙasar nan sun ga yadda MMM ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016, sun kuma ga rushewar CBEX a Afrilun 2025. Duk bidiyon da ya haɗa kuɗi da sirri da “jira ka gani” zai tuna musu da waɗannan. Saboda haka bi rubutunka layi-layi ka fitar da kalmomin riba, ninkawa, garaɓasa, “dama ta ƙarshe,” da hoton damin kuɗi ko sabuwar mota. A rubutunmu kuɗin da aka gani a hoto ba su wuce na Keke da shayi ba.

Idan manhajar lissafi kawai take yi, ba ta karɓar ajiya, ƙara layi ɗaya a rubuce ƙarƙashin tambarin: “Ba ma karɓar kuɗinka. Lissafi kawai.” Wannan layin yana amsa tambayar damfara da ta kuɗin ruwa a lokaci ɗaya, kuma tambayoyin nan biyu su za su fara zuwa daga mutanen Zazzau. In kuwa tana riƙe kuɗin mutane, maganar ta koma ta lasisin Babban Bankin Najeriya, kuma sai a faɗi sunan bankin da kuɗin ke zaune a cikinsa. In tana karanta saƙon alat, ta shiga ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma kada talla ta ce “ba ma ganin komai naka” alhali tana gani. Haka kuma dokar 2022 da ta kafa ARCON, hukumar kula da tallace-tallace, ta bukaci a tantance talla kafin a sake ta, har da ta intanet, don haka sa lokacin wannan a cikin jadawalinka.

Mataki na shida: gwada shi kafin a kashe kuɗin ɗauka

Ba sai an ɗauki bidiyo ba. Karanta rubutun a wayarka da muryoyi biyu, ka nemi mutum goma da ba su san aikinku ba, kuma ba 'yan'uwanka ba: mai shago, ɗalibi, tela, ma'aikaciyar asibiti. Kunna wa kowa shi kaɗai, ka tsayar a sakan 33, ka tambaye shi me yake zaton zai biyo baya.

Amsar za ta nuna maka ciwon. In ya ce “tallar banki ce” ko “masu ba da bashi ne,” alamunka sun karkata, mai yiwuwa ka nuna talaucin Malam fiye da ruɗewarsa. In ya ce “wasan kwaikwayo ne, matar ce ta ɗauka,” a gyara yadda uwargida ke magana, tambayarta ta fito da tausayi. In ya ɗaga kafaɗa ya ce bai sani ba, bai kuma nemi ka ci gaba ba, giɓin bai kama shi ba, koma mataki na biyu ka sauya lambobin. Wanda kake nema shi ne mai cewa “wallahi ni ma haka nake fama, ƙarasa mana.” Bayan ka ƙarasa, ka ɗauke hankalinsa da wata hira na minti biyar, sannan ka tambaye shi sunan manhajar. In fiye da rabinsu sun manta, ƙara wa ƙarshen sakan biyu, a faɗi sunan sau biyu, ka rage daga lissafin Malam.

Bayan an saki bidiyon, shafukan Facebook da TikTok da YouTube suna nuna wa mai shafi layin da ke bayyana inda masu kallo ke ficewa. Faɗuwa a sakan uku na farko laifin jimlar buɗewa ce. Faɗuwa tsakanin 5 da 15 na nufin lissafin ya yi tsawo, a mai da abubuwa huɗun su zama uku. In sun kai ƙarshe amma ba mai neman manhajar, to abin da ka ce su yi bai fito ba. Abu ɗaya ake cewa a yi. Kada ka haɗa “sauke ta, bi shafinmu, tura wa abokai” a sakan shida.

Mataki na bakwai: ranar saki

Lokacin da tambayar Malam ta fi zafi shi ne bayan 20 ga wata, sa'ad da albashi ya ƙare ana jiran wani. Saki bidiyon a nan, manhajar kuma ta fito daidai shigowar sabon albashi, domin mutum ya fara rubutu daga naira ta farko. In kana son jan rai na kwanaki, yanka rubutun nan uku: sakan 0 zuwa 24 a rana ta farko, a ƙare da tambayar uwargida, har zuwa 33 a rana ta biyu, cikakke a rana ta uku. Kada ya wuce kwana uku, kuma kowane yanki ya faɗi ranar da amsa za ta zo.

Kada ka ɗauki muryar “Ranar Litinin” sai manhajar ta riga ta samu amincewar Google. Dubawarsu na iya ɗaukar kwanaki, kuma asusun mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwambar 2023 sai ya yi rufaffen gwaji da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a ba shi izinin sakin manhaja ga kowa. Ranar ɗauka, sa mai muryar ya karanta ƙarshen iri biyu, ɗaya da rana, ɗaya da “Tana nan yanzu a Play Store,” yadda in jadawali ya goce sakan shida kawai za a sauya. Kafin ka danna saki, karɓi wayar wani wanda bai taɓa sauke ta ba, ka rubuta sunan yadda kunne ya ji shi a bidiyon, har da rubuta k a wurin ƙ, ka ga ko manhajarku ce ke fitowa a sama. In wata ce ta fito, sa mahaɗin saukewa a rubutun da ke ƙasan bidiyon, a kuma bar sunan a rubuce a fuskar waya har sakan na ƙarshe.